Jumla mai zarcewa da ɗaurin waƙafi

Jumla mai zarcewa ita ce wadda aka jera gangaye biyu ko fiye, kowanne cikakke ne da zai iya tsayawa da ƙafarsa, ba tare da aya ko mahaɗi a tsakaninsu ba. Idan kuwa waƙafi kaɗai aka saka a mahaɗar, shi ne ɗaurin waƙafi. Tsawo ba shi ne ma'auni ba. "Jarrabawa ta ƙare ɗalibai suna murna" kalmomi shida ne kacal, amma ta zarce, alhali jumla mai kalmomi hamsin tana iya zama lafiya lau. An fi tsananta hukuncin waɗannan kurakurai a insha'in Ingilishi, ko da yake malaman Hausa ma suna fama da su.

Tarihi

Alamomin rubutu sun zo ne a makare. Girkawa da Rumawan dauri sukan rubuta kalmomi a manne, ba ko tazara, mai karatu ne ke gano inda zai numfasa. Wajajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani a ɗakin karatu na Iskandariya, Aristofanis mutumin Bizantiyum, ya kawo tsarin ɗigo uku don nuna ɗan gajeren tsayawa, matsakaici, da kuma dogo. Sunan waƙafi a harsunan Turai ya samo asali daga kalmar Girkanci mai nufin "yanki", wato guntun maganar da ɗigon ya yanke. Ke nan tun fil'azal aikin alamar na numfashi ne.

Maɗaba'a ce ta daidaita siffofin. Ana jingina waƙafi mai ruwa, a yadda aka san shi yau, ga maɗaba'ar Aldus Manutius da ke Venis, tsakanin 1494 da 1496. Duk da haka marubutan Ingilishi sun ci gaba da haɗa cikakkun gangaye da waƙafi har cikin ƙarni na 18, ba wanda ya ce musu uffan. Sai a ƙarni na 19, da littattafan nahawu na makaranta suka yaɗu, aka mayar da alamomi ma'aunin ginin jumla maimakon numfashi, daga nan ne ɗaurin waƙafi ya zama laifi.

Hausa ta karɓi alamomin tare da boko. Ajami ba ya dogara da su sosai. Hans Vischer, wanda aka sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko wajajen 1912, sai dai hankalinsa, kamar na taron daidaita rubutu da aka yi a Bamako a 1966, ya fi karkata ga haruffa da rabon kalmomi.

A 1977 Mina Shaughnessy, malama a New York, ta nuna cewa kurakuran ɗalibai masu rauni a rubutu suna da tsari da dalili, ba sakaci ba ne kawai. A 1988 kuma Robert Connors da Andrea Lunsford suka nazarci insha'i 3,000 na ɗaliban Amurka, suka tarar da kurakuran nan biyu cikin ashirin da suka fi yawa.

Dalili

Galibi ɗalibi yakan ƙi saka aya ne don yana jin maganganun biyu suna da dangantaka, kuma yana da gaskiya. Abin da ya rasa shi ne kalmar da za ta ambaci dangantakar.

Ɗalibi Bahaushe yana da wani uzuri na daban. "Da" tana haɗa suna da suna, kamar "gero da dawa", amma ba ta haɗa ganga da ganga. A ba da labari jerawa ake yi: "Ya tashi, ya ɗauki fartanya, ya nufi gona." Wannan Hausa ce tsantsa, kuma malamin da ya ja mata jan biro ya yi ɓarna. Matsala takan taso idan mai aiki ya canza, ko magana ta juya daga labari zuwa hujja, ko kuma aka kwashi salon gaba ɗaya aka kai shi Ingilishi.

Yadda ake ganewa

A rufe abin da ke bayan waƙafi da hannu, a karanta na gaba, sannan a juya. Idan kowane ɓangare ya cika shi kaɗai, an sami mahaɗar. Wasu malamai kan sa ɗalibi ya karanta insha'insa daga jumlar ƙarshe zuwa ta farko, don kada zaren labari ya ɗauke masa hankali. Shawarar nan ta "saka waƙafi duk inda ka numfasa" ita ce ma ke haifar da kuskuren.

Gyara

Hanyoyi huɗu ne: aya, waƙafi mai ruwa, mahaɗi irin su "amma" da "kuma" da "sai", ko mayar da ganga ɗaya ya dogara da ɗan'uwansa ta "saboda", "da yake", "ko da yake". Dukkansu suna kawar da kuskure, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Ga jumla daga insha'i a kan noma:

"Manoman garinmu sun daina shuka masara, taki ya yi tsada, gero ba ya bukatar taki da yawa, mahaifina ya koma gero bana."

Gangaye huɗu ne, waƙafi uku. Gyara mafi sauri shi ne a mayar da kowane waƙafi aya. Nahawu ya gyaru, sai dai an bar labarai huɗu a zube, hujjar yaron kuwa ta salwanta, domin shi sanadi yake bayani. Akwai kuma malamin da zai sake rubuta jumlar da kalmominsa masu armashi. A nan insha'in ya tashi daga na ɗalibi.

Abin da ya fi shi ne a ja layi a ƙarƙashin mahaɗar, a tambayi mai rubutu me ya haɗa wannan da wancan. Tambayar tana da amfani saboda ganga na biyu yana iya manne wa na gabansa ko na bayansa, kuma ɗalibin ne kaɗai ya san nufinsa. Idan ya ce tsadar taki ce ta kori masara, sai jumlar ta zama:

"Manoman garinmu sun daina shuka masara saboda taki ya yi tsada. Da yake gero ba ya bukatar taki da yawa, mahaifina ya koma gero bana."

Kalmomi uku aka ƙara, ba a cire ko ɗaya ba, tsarin tunanin ma bai motsa ba. In kuwa nufinsa hukuncin mahaifinsa ne, aya za ta faɗi bayan "masara", sannan "saboda" ta buɗe jumla ta biyu ta ɗauki dalilai biyun, "kuma" a tsakaninsu.

Waƙafi mai ruwa ya fi dacewa da gangaye biyu masu nauyi ɗaya: "Masara tana son taki; gero yana haƙuri." Kalmomi kamar "duk da haka" da "saboda haka" suna ruɗarwa, don suna kama da mahaɗi, amma takwarorinsu a Ingilishi suna bukatar aya ko waƙafi mai ruwa a gabansu.

Gyara yakan wuce gona da iri. Ɗalibin da ya tsorata da jan biro sai ya riƙa datse jumla ko'ina, har ya rubuta "Saboda taki ya yi tsada." ita kaɗai, guntuwar da ba ta cika ba. Malamai da dama na ɗaukar wannan a matsayin mataki na koyo, domin yaro ya fara lura da iyakar jumla.

Jarrabawa da saɓani

A insha'in Ingilishi na WAEC, maki 10 cikin 50 na ƙa'idojin rubutu ne, kuma kowane kuskure yana cin rabin maki.

Wasu masana salo sun yarda da waƙafi tsakanin gajerun gangaye masu kama da juna, kuma marubuta ƙagaggun labarai na yin haka da gangan. Masu duba takardun jarrabawa ba safai suke lamunta ba.