Tara Alƙur'ani da Rubuta Mus'hafin Usman

Tara Alƙur'ani shi ne aikin da sahabbai suka yi bayan wafatin Annabi Muhammadu (SAW) a shekara ta 11 bayan hijira, wato 632, na haɗa ayoyin da ke warwatse a rubuce su koma wuri ɗaya. Sau biyu aka yi shi. Na farko a zamanin Halifa Abubakar, don kada wani abu ya salwanta. Na biyu a zamanin Halifa Usman, don a haɗa kan musulmi a kan rubutu guda.

Kafin wafati

Tun Annabi yana raye akwai marubutan wahayi, irin su Zaidu ɗan Sabit da Ubayyu ɗan Ka'abu da Aliyu ɗan Abu Ɗalib. Aya na sauka ake rubuta ta a kan abin da ya samu: rassan dabino, fararen duwatsu masu faɗi, fatu, ƙasusuwan kafaɗar raƙumi. Ba a haɗa su cikin littafi ɗaya ba, saboda wahayi bai yanke ba, kuma madogara ta farko a lokacin hadda ce.

Tarin Abubakar

Yaƙin Yamama ne sanadi. An gwabza shi da Musailama mai da'awar annabta, wajen ƙarshen shekara ta 11 ko a cikin ta 12, kuma mahaddata masu yawa suka yi shahada. Umar ya samu Abubakar ya nuna masa tsoronsa: idan haka ta ci gaba a sauran yaƙoƙi, wani sashe na Alƙur'ani zai tafi tare da masu riƙe da shi. Da farko Abubakar ya ja baya, yana ganin ta yaya zai yi abin da Manzon Allah bai yi ba. Umar bai gushe yana komo masa da maganar ba har hankalinsa ya kwanta.

Aka kira Zaidu ɗan Sabit. Dalilan zaɓensa suna cikin hadisin da Buhari ya ruwaito: matashi ne, mai hankali, ba a tuhumarsa da komai, kuma ya rubuta wa Annabi wahayi. Zaidu da kansa ya ce da dutse aka umarce shi ya ɗauke daga mazauninsa, da bai fi wannan aiki nauyi a kansa ba.

Hanyar da ya bi ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Zaidu mahaddaci ne, amma bai zauna ya rubuta abin da ke kansa ba. Ya bi rubuce-rubucen da ke hannun mutane yana tarawa, yana gwada su da hadda. An ruwaito cewa ba a karɓar komai sai da shaidu biyu. Malamai sun saɓa kan ma'anar shaidun: Ibn Hajar ya karkata ga cewa hadda da rubutu ake nufi, wasu kuma suka ce mutum biyu ne da za su shaida an rubuta abin a gaban Annabi. Misalin da ya fito da tsananin sharaɗin shi ne ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba. Zaidu ya ce bai same su wurin kowa ba sai wurin Abu Huzaima mutumin Madina. Masu sharhi sun fassara wannan da rashin samunsu a rubuce, domin da bai san su ba, da bai lura babu su ba balle ya neme su.

Abin da aka samu shi ake kira suhufai, wato takardu da aka adana wuri ɗaya. Sun zauna wurin Abubakar, sannan Umar, sannan 'yarsa Nana Hafsa matar Annabi. Ba a kwafe su an rarraba ba, ba a kuma hana kowa riƙe nasa rubutun ba.

Mus'hafin Usman

Da ƙasar Musulunci ta yi faɗi, kowane gari ya riƙe karatun sahabin da ya koyar da shi: mutanen Kufa na Abdullahi ɗan Mas'ud, mutanen Sham na Ubayyu. A yaƙin Armeniya da Azarbaijan rundunar Iraƙi ta haɗu da ta Sham, sai Huzaifa ɗan Yaman ya ji suna jayayya kan karatu. Ya dawo Madina ya roƙi Usman ya ceci al'umma tun ba ta rarrabu a kan littafinta ba. Galibi ana sanya wannan wajen shekara ta 25, wasu sun ce ta 30.

Usman ya aika wa Hafsa ta ba da aron suhufan, ya naɗa mutum huɗu: Zaidu, da Abdullahi ɗan Zubairu, da Sa'idu ɗan Asi, da Abdurrahman ɗan Harisu ɗan Hisham. Ukun ƙarshe Ƙuraishawa ne, kuma ya umarce su idan sun saɓa da Zaidu su rubuta da harshen Ƙuraishawa. An ruwaito cewa hakan ta faru a kalmar da ke nufin akwati a Suratul Baƙara: Zaidu ya ce "tabuh", su kuma suka ce "tabut". Aka kai wa Usman, ya ce a rubuta "tabut".

Da aka gama kwafa, aka mayar wa Hafsa suhufanta, aka aika mus'hafi Kufa da Basra da Sham, aka bar ɗaya a Madina. Wasu ruwayoyi sun ƙara Makka, wasu har da Yaman da Bahrain. Usman ya yi umarni a ƙone sauran rubuce-rubucen. Ibn Mas'ud ya nuna rashin amincewa a Kufa. Yawancin sahabbai sun goyi bayan halifa. Suhufan Hafsa kuwa, Marwan ɗan Hakam ya lalata su bayan rasuwarta, lokacin yana gwamnan Madina.

Siffar rubutun da bambancin kwafe-kwafen

An rubuta mus'hafan ba wasali, ɗigon da ke raba haruffa ma kusan babu. Wannan ƙashin rubutu shi ake kira rasmu, kuma dacewa da shi na cikin sharuɗɗan karɓar ƙira'a. Bai isa a koyi karatu daga gare shi kaɗai ba, sai an ji daga bakin malami.

Kwafe-kwafen ba su zo daidai harafi da harafi ba. Akwai 'yan wurare da suka bambanta, malaman rasmu irin su Abu Amr Addani, wanda ya rasu a shekara ta 444 bayan hijira, sun bi su sun ƙididdige. A Suratul Hadid, aya ta 24 a ƙidayar Kufa, mus'hafan Iraƙi suna da "fa innallaha huwal ganiyyul hamid", na Madina da Sham kuwa babu "huwa" a cikinsu. Asim malamin Kufa ne, don haka ruwayar Hafsu, wanda ya ɗauki karatu daga gare shi, tana da kalmar. Nafi'u malamin Madina ne, don haka ruwayar ɗalibinsa Warshu ba ta da ita. Haka ma a Suratu Ali Imran, Hafsu yana karanta "wa sari'u", Warshu yana karanta "sari'u" ba wawun. Duk almajirin da ya taso a tsangayar ƙasar Hausa, inda Warshu ya daɗe da kafuwa, zai iya buɗe Alƙur'aninsa kusa da bugun Hafsu ya gani da idonsa. Ba kuskuren mai bugu ba ne, sawun mus'hafin Madina ne da ya iso ta arewacin Afirka.

Bayan Usman

Daga baya aka sanya wasali da ɗigo. Ana jingina farkon wasali ga Abul Aswad Addu'ali, ɗigon haruffa ga Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar, siffar wasullan yanzu kuma ga Halilu ɗan Ahmad.

Tsofaffin rubuce-rubuce

A 1972 an gano tarin tsofaffin takardun Alƙur'ani a Babban Masallacin San'a da ke ƙasar Yaman. A cikinsu akwai fatar da aka goge aka sake rubutu a kai. Rubutun da aka sake yi ya bi rasmun Usman, na farkon da aka goge ya saɓa masa a wasu kalmomi da jerin surori, kuma masana ba su haɗu kan fassarar hakan ba. Takardun Alƙur'ani da ke Jami'ar Birmingham, da aka bayyana sakamakon gwajin gano shekarunsu a 2015, an ƙiyasta fatarsu tsakanin 568 da 645 Miladiyya. Gwajin yana nuna lokacin da dabbar da aka samo fatar daga jikinta ta mutu, ba ranar da aka yi rubutun ba.