Hoto biyu, ranar haihuwa biyu: wacce za ki riƙe?

A ɗakin awo ba a rasa mai zuwa da takardun hoton ciki biyu, kowacce da ranar haihuwarta daban, tana tambaya wa ya yi kuskure. Sau da yawa babu wanda ya yi.

Fara da hoton kansa. Baƙin wuri ruwa ne, wato ruwan da jariri yake ciki, fari tas kuma ƙashi ne. A gefe za ki ga GA, shekarun cikin ke nan: 10w0d na nufin mako 10 cif. Daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe ake ƙirga shi, don haka ya kan fi ainihin lokacin shigar cikin da kusan mako biyu. Maigida ya san da wannan kafin ya fara lissafi da yatsu. EDD ita ce ranar da ake sa ran haihuwa, cikar mako 40.

Na'ura ba ta san ranar da kika ɗauki ciki ba, girman jariri take aunawa ta kintata. A wata ukun farko ana auna CRL, tsawonsa daga ƙoƙon kai zuwa mazaunai. A lokacin 'yan tayi kusan girmansu ɗaya, shi ya sa kuskuren ba ya cika wuce mako guda. Daga baya sai a koma BPD, faɗin kai, da HC, kewayen kai, da AC, kewayen tumbi, da FL, tsawon ƙashin cinya. Amma a watannin ƙarshe wani jaririn ƙato ne, wani ɗan firit, sai lissafin ya iya kaucewa har mako uku.

Misali, al'adarki ta fara ranar 1 ga Janairu. Ranar 12 ga Maris hoto ya nuna CRL milimita 31, wato mako 10, EDD 8 ga Oktoba. A wata na takwas wani hoton ya ce 22 ga Oktoba. Ta farkon za ki riƙe, 'yar'uwa. Tazarar nan ma abin dubawa ce: idan AC ne ya yi baya alhali kai yana daidai, mai yiwuwa jaririn ba ya samun isasshen abinci daga mabiyiya, kamar yadda kan faru ga mai hawan jini. In aka sauya ranar kawai, an rufe matsalar ke nan, ga kuma haɗarin cikin ya zarce lokacinsa ba a sani ba.

EFW, nauyin jariri, shi ma kintace ne daga waɗannan awo. In an rubuta giram 3,000, zai iya fi ko ya gaza da giram 300 zuwa 450. FHR kuwa bugun zuciyarsa ne, 110 zuwa 160 a minti, don haka kada 150 ya tsorata ki.

Ki adana takardar farko cikin katin awonki, ki nuna ta duk lokacin da za a sake miki hoto.