Hana maimaita lambar shaida a Excel da Data Validation

Wannan wata dabara ce a Excel da ke sa ya ƙi karɓar lambar shaida in dai an riga an shigar da irinta, tun ana cikin bugawa, ba sai an gama aiki a dawo ana farautar tagwaye ba. Ana yin ta ne da Data Validation da fomular COUNTIF.

A ce rajistar ɗalibai ce, lambobinsu na kolum A, daga A2 zuwa A500. Sai a zaɓi akwatunan nan duka a fara daga A2, a shiga Data, a danna Data Validation, a wajen Allow a zaɓi Custom, sannan a rubuta wannan a gurbin Formula:

```
=COUNTIF($A$2:$A$500,A2)=1
```

Abin da fomular ke yi shi ne ta ƙirga sau nawa lambar da aka buga ta fito a kolum ɗin, har da ita kanta sabuwar. In 1045 na zaune a A7 wani ya zo ya sake buga ta a A60, ƙirgen ya zama 2 ke nan, sai Excel ya ce bai yarda ba. Alamar dalar nan ba ado ba ce, ita ke riƙe A2 zuwa A500 kar su motsa, shi kuma A2 na ƙarshe an bar shi sake don ya bi kowane layi. In aka manta dalar to zangon da ake dubawa zai riƙa zamewa ƙasa, lambobin sama su fita daga lissafi, maimaici ya wuce ba ko gargaɗi. A shafin Error Alert kuma a tabbatar Style na kan Stop, don Warning tambaya kawai yake yi, mutum ya danna Yes ya wuce abinsa.

Inda dabarar ke da rauni sosai shi ne kwafi. Abin da aka buga da hannu kaɗai take tsarewa, in aka kwafo lamba daga wani wuri aka liƙa ba ruwanta, sau da yawa ma liƙin na share dokar daga akwatin gaba ɗaya. Haka tagwayen da ke ciki tun kafin a sa dokar, suna nan daram sai an danna Circle Invalid Data ya zagaye su da ja.

Sai kuma halin COUNTIF kanta. Ko an ajiye lamba a matsayin Text tana kallonta a matsayin adadi, wato 00123 da 123 duk ɗaya ne a wurinta, kuma ba ta gani fiye da alƙaluma 15. Lambar NIN mai alƙaluma 11 ba matsala, amma mai 16 ko fiye, biyu da suka bambanta a ƙarshe kawai za ta ce iri ɗaya ne ta hana mai gaskiya shiga. A nan sai a mai da kolum ɗin Text tun kafin a fara buga lambobi, a canza fomula:

```
=SUMPRODUCT(--($A$2:$A$500=A2))=1
```

Ita wannan harafi da harafi take gwadawa, sai dai in layukan sun kai dubbai tana ɗan sa fayil nauyi.