Gadon Mendel: yadda yamutsattsen wake ke ɓacewa ya sake dawowa

'Yan SS3 ɗinmu na nan Kaduna da ke shirin jarabawa, da yawa sun haddace 3:1 na lissafin gadon Mendel amma ka tambaye su ina ukun ya fito ina ɗayan ya fito sai a fara kame-kame. To bari mu bi lissafin a hankali.

Gregor Mendel malamin coci ne a garin Brno, ƙasar Cek ta yanzu, daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta gwaji da koren waken nan da ake zubawa a firaid rais, girin fis, ya wallafa sakamakon a 1866. Dalilin zaɓen waken shi ne furensa shi ke yi wa kansa barbara, saboda haka in ka cire ɓangaren namiji na furen tun bai nuna ba ka shafa masa garin wani furen da hannunka, ka san uba ka san uwa babu tantama.

Mu ɗauki siffar ƙwaya kawai. Akwai mai santsi zagayayya, akwai yamutsattsiya. Kowace shuka tana ɗauke da ƙwayar gado biyu na wannan siffa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, amma in ta zo bayarwa guda ɗaya tak take miƙa wa kowane ɗa. Mu kira ta santsi R, ta yamutsewa r. R ita ke da rinjaye, in dai tana wurin ko guda ce santsi za a gani.

Mendel ya fara da tsantsar iri, wato wanda in ka shuka shi ba ya haifar komai sai irinsa. Tsantsar santsi RR, tsantsar yamutsattse rr. Na farko ba shi da abin bayarwa sai R, na biyu sai r, don haka da ya haɗa su duk 'ya'yan da aka samu Rr ne, dukkansu masu santsi. Wanda ya duba da ido sai ya rantse yamutsewar ta tafi ke nan. Ba ta tafi ba, kuma ba ta gauraya ta koma rabi da rabi ba, tana nan lafiya lau an dai danne ta ne.

Sai ya shuka waɗannan Rr ɗin ya bar su suka barbari kansu. Yanzu ɓangaren uwa zai iya ba da R ko r, na uba ma haka, kenan hanyar haɗuwa huɗu ce. R ta gamu da R a samu RR. R ta uwa da r ta uba, Rr. r ta uwa da R ta uba, Rr kuma. r da r, rr. Ukun farko duk akwai R a ciki, santsi. Na ƙarshen ne kaɗai ba mai danne shi, sai yamutsewa ta bayyana, har a cikin kwanso guda za ka iya tarar da iri biyun. Da Mendel ya ƙirga ya samu masu santsi 5,474, yamutsattsu 1,850, in ka raba kusan 2.96 ne ga 1.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne a ɗauka masu santsin nan duk ɗaya ne. A ido ɗaya ne, a ciki kuwa kashi ɗaya RR ne kashi biyu Rr. Mendel ma ya bi diddigi, cikin shuka 565 da suka fito daga ƙwaya mai santsi, 193 santsi zalla suka haifa, 372 kuma suka haifi iri biyun. In kana son gane wanne ne a hannunka ka haɗa shi da rr, in duk 'ya'yan suka fito da santsi, kuma suna da yawa ba biyu ko uku ba, to RR ne, in kuwa kusan rabi suka yamutse Rr ne.

Sannan 3:1 ɗin ba alƙawari ba ne fa. Kwanso mai ƙwaya shida zai iya fitowa duk santsi, wani rabinsa ya yamutse, sai an tara dubbai lissafin ke daidaita. Wannan kuskuren ne ake yi a maganar sikila, za ka ji masu AS biyu suna cewa ai ɗaya ne cikin huɗu, tunda na fari ya zo da SS sauran ukun sun tsira. A'a, kowane ciki lissafinsa sabo ne, kashi 25 cikin 100, ba ruwansa da na gabansa.

Amma kar a ɗauki wannan ma'auni a ɗora wa tsayin mutum ko hasken fata, waɗannan ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa a kansu, tsayi ma har abinci na da hannu a ciki, ba za su ba ka 3:1 ba.