Waiwaye: Daga Ƙanjamau Zuwa Karya Garkuwa

Bahaushe ya saba raɗa wa cuta suna da abin da idonsa ya gani. Wuya ya sanƙare, sai ya ce sanƙarau. Mutum na ta kai-kawo bayan gida yana haraswa, sai ya ce amai da gudawa. Wani sunan kuma har da dalilin cutar yake tafe, kamar shan inna, wanda ya jingina shanyewar ƙafar yaro ga iska. Wannan salo yana da saurin shiga kunne, shi ya sa masu rubuta bayanin lafiya don jama'a suke rige-rigen ɗaukarsa. Tarihin cuta guda ɗaya ya isa ya nuna inda yake kai mutum ya baro.

Aikin mayar da kalmomin masana zuwa Hausar kowa da kowa ba yau ya fara ba. Tun da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a 1939, Abubakar Imam da abokan aikinsa suke fama da yadda za a ba manomi labarin yaƙin da ake yi da makaman da bai taɓa gani ba. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, sauran gidajen rediyo suka biyo. A tsawon waɗannan shekaru ne kunnenmu ya saba da tauraron ɗan'adam, da makamin ƙare dangi, da Majalisar Ɗinkin Duniya. Dabarar ɗaya ce: a kwatanta baƙon abu da na gida. Idan kwatancen ya ɗan karkace, ba wanda ya cutu, don babu mai yanke shawarar rayuwarsa a kan tauraron ɗan'adam.

Da lafiya ba haka abin yake ba. An fara bayyana cutar AIDS a Amurka a 1981, aka gano ƙwayar da ke haddasa ta a 1983, Najeriya kuma ta ba da rahoton samunta a 1986. Abin da mutane suka gani a lokacin shi ne majinyaci ya rame ya bushe, don haka aka ce ƙanjamau, wasu ma suka ce kabari kusa. A Nijar aka ari sida daga Faransanci. Sunan ƙanjamau bai yi ƙarya ba, amma ƙarshen labarin kawai ya faɗa. Likita yana da kalma biyu: HIV, ƙwayar da ke iya zama a jikin mutum shekaru da yawa yana nomansa yana kasuwarsa, da AIDS, matakin da garkuwar jiki ta riga ta rushe. Hausar titi ta haɗe su a kalma ɗaya, kuma ga abin da hakan ya haifar: mai ƙiba ya ce shi kam me zai kai shi gwaji, ai bai ƙanjame ba. Wanda aka ce yana ɗauke da ƙwayar kuwa ya ji kamar an yanka masa likkafani. Mai tarin fuka ko ciwon suga da ya rame, a bi shi da zunɗe.

Daga baya 'yan jarida da ma'aikatan lafiya suka koma ga "cuta mai karya garkuwar jiki". A ganina wannan yana cikin mafi kyawun abin da aka ƙera da Hausa a fannin lafiya, domin ya bar kamannin majinyaci ya koma ga aikin da ƙwayar ke yi. Kowa ya san garkuwa, kowa ya san abin da ke samun mayaƙin da tasa ta karye: ba karyewar ce ke kashe shi ba, kibiyar da ta biyo baya ce. Da wannan hoto guda ka riga ka bayyana dalilin da ya sa tarin fuka ke yawan kama masu cutar. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawarar a raba sunayen, karya garkuwa ga ƙwayar, ƙanjamau ga matakin ƙarshe. Shawarar daidai take, sai dai baki ya riga ya saba, har yau za ka ji ana cewa gwajin ƙanjamau.

Yanzu wahalar ta tashi daga suna ta koma jimla, saboda magani ya sauya labarin. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a ɗora shi a kan magani ba tare da jiran garkuwarsa ta yi ƙasa ba. Sai sababbin kalmomi suka shigo takardar sakamako, kuma dole a yi bayaninsu.

Na taɓa gyara wani bayani da aka shirya don masu karɓar magani. Mai fassarar ya bi Turancin sau da ƙafa, ya rubuta: "Idan nauyin ƙwayar cutar ya zama wanda ba a iya ganowa, ba a iya watsa ta." Na karanta wa gwaggona, wadda ba ta yi boko ba amma ba a layance mata zance. Ta ce, "To, ɗan nan, ai ya warke ke nan. In an duba ba a gani ba, me ya rage?" Gabana ya faɗi, don mai wannan fahimta gobe zai ajiye maganinsa, cikin 'yan makonni ƙwayar ta dawo ta cika jini.

Kuskure uku ne a jimlar. Nauyi ba shi ne abin da ake aunawa ba, yawa ne, wato ƙwaya nawa ce a cikin mililita ɗaya na jini. "Ba a iya ganowa" kuma magana ce a kan iyakar na'urar gwaji, ba a kan jikin mutum ba, ƙwayar tana nan laɓe a wasu sassan jiki. Na ukun shi ne mafi haɗari: jimlar ta yi shiru a kan sharaɗi da iyaka. Abin da bincike ya tabbatar shi ne wanda yawan ƙwayarsa ya tsaya ƙasa da 200 a mililita ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Shayarwa kuwa haɗarinta yana raguwa ƙwarai amma bai gushe ɗungum ba. Masani yana jin duk wannan a cikin kalmarsa guda. Mai karatu ba ya ji sai an faɗa masa.

Ga yadda muka mayar da ita: "Idan kana shan maganinka kullum, ƙwayar cutar za ta ragu a jininka har na'urar asibiti ta kasa ƙirga ta. Ba ta mutu ba, maganin ne ya danne ta, ranar da ka daina sha za ta sake tasowa. Muddin gwaji yana nuna a danne take, ba za ka sa wa matarka ko mijinki ta hanyar kwanciya ba. Mai ciki ko mai shayarwa ta nemi ƙarin bayani wurin ma'aikacin lafiya." Jimla ɗaya ta zama huɗu, mai tsara shafin har ya yi ƙorafin wuri, na ce a rage hoton.

Ko kalmar ƙwaya sai da muka tsaya a kanta, tunda a Hausa ƙwayar cuta ƙwaya ce, ta magani ma ƙwaya ce. "Ƙwayar ta ragu" na iya zama albishir, na iya zama kuma maganin ne ya kusa ƙarewa a kwalba. Muka bar ƙwaya ga cuta kaɗai, ɗayar muka ce magani daga farko har ƙarshe.

Na koma wurin gwaggo da sabon rubutun. Ban tambaye ta ko ta gane ba, don kara za ta sa ta ce e. Na ce, in jikanki ne aka ba wannan takarda, me za ki ce masa? Ta ce, "In ce masa kamar hawan jinina ne. Ya riƙe maganinsa, kada ya ga ya ji sauƙi ya sake."