Gano Matsala ta Hanyar Musanya

Gano matsala ta hanyar musanya dabara ce da masu gyaran kayan lantarki ke bi idan na'urori biyu sun ƙi haɗuwa. Sassa uku ake tuhuma: kebul, kafar da ake soka shi, da ita kanta na'urar. Ana cire ɗaya a sa wanda aka tabbatar da lafiyarsa, a bar sauran yadda suke. Idan matsalar ta tafi, wanda aka cire shi ne mai laifi.

Asali

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1843 masanin falsafa na Birtaniya John Stuart Mill ya bayyana ƙa'idar da take tsaye a kai: idan yanayi biyu sun yi daidai a komai ban da abu ɗaya, kuma sakamakonsu ya bambanta, to wannan abin ne sanadi. Wajen tsakiyar ƙarni na 20, masu gyaran rediyo da talabijin sukan yawata da jaka cike da bawul masu kyau, wato ƙananan kwalaben lantarki da akwatunan ke aiki da su, suna zare na cikin akwati ɗaya bayan ɗaya har sauti ya dawo. Zuwan USB a 1996 ya sauko da dabarar daga teburin mai gyara zuwa hannun kowa, domin kebul iri ɗaya ya zama yana shiga na'urori da yawa.

Misali: wayar da kwamfuta ta ƙi gani

A ɗauka an jona wayar Android da kwamfuta don kwashe hotuna. Tana caji, amma kwamfutar ba ta nuna ta ba. Kafin a zargi kowa, a kan duba fuskar wayar, domin yawancin wayoyin Android caji kawai suke yi sai an zaɓi `File transfer`.

Da kebul ake farawa, don shi ya fi araha kuma shi ya fi shan wahala. Kebul ɗin USB 2.0 yana da zare huɗu a cikinsa: biyu na wuta, biyu na bayanai. Akwai igiyoyin caja masu sauƙin kuɗi da ba su da zaren bayanai sam, kuma ido ba ya bambance su da na kirki. Saboda haka wanda za a kawo a madadi dole ya zama an ga ya tura fayil da wata waya. Kasancewarsa sabo ba shaida ba ce.

In sabon kebul bai canza komai ba, sai a koma kan kafa. A kwamfutar tebur a gwada ta baya, domin na gaba sukan haɗu a kan igiya ɗaya a ciki, in ta kwance duk su mutu tare, mai gwajin da ya koma wata ta gaba ya ɗauka ya wanke kafa daga zargi alhali bai wanke ba. Ƙaramin filashi ya isa ya nuna kafar tana aiki.

Daga nan sai na'ura. A jona wata waya da wannan kebul a wannan kafa. Idan ta bayyana, ita kuwa ta farko ta ƙi ko a wata kwamfutar, laifin na wayar ne, galibi a bakin cajinta. Sau da yawa ƙura ce da zaren aljihu suka dunƙule a ciki, har kan kebul ɗin ba ya shigewa sosai, yana ɗan lilo idan an taɓa shi. A kan kashe wayar a sakace shi a hankali da tsinken katako. Allura tana iya haɗa wuta ko ta lanƙwasa haƙoran ciki.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne mayar da wanda ake zargi. Idan aka mayar da tsohon kebul matsalar ta dawo, hukunci ya tabbata. In ba ta dawo ba, wataƙila zarewa da sokawar ne kawai suka gyara zaman.

Abin da allo ke nunawa

A Windows, saƙon `Unknown USB Device (Device Descriptor Request Failed)` a cikin `Device Manager` yana nufin kwamfutar ta ji an soka abu amma ta kasa karanta bayaninsa. A Linux, umarnin `lsusb` yana jera na'urorin USB da kwamfutar ta gani.

Iyaka

Dabarar tana ɗaukar cewa abu ɗaya ne ya lalace. Idan kebul da bakin caji duk sun samu matsala, kowace musanya za ta faɗi, har sai an gwada kowane sashe shi kaɗai tare da masu lafiya. Matsala mai zuwa tana tafiya ita ma tana yaudara, don haka gwaji ɗaya bai isa ba. Wani lokaci kuma babu wanda ya lalace, ƙarfi ne bai kai ba: kafar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500 a kan bolt 5, ta USB 3.0 kuma 900, abin da ya sa wasu ma'ajiyoyin bayanai na waje ke tashi a wannan su ƙi a waccan.

Ba a yin musanya da abin da ke warin ƙuna ko ya yi zafi fiye da kima, domin yana iya ƙona mai lafiyar da aka kawo. Wasu masu gyara sun fi son a fara aunawa da mita. Wasu na ganin musanya ta fi sauri.