Mene ne SPE, kuma a ina sinadarinka yake ɓata a cikinsa?

Duk wanda ya shiga ɗakin gwajin da ake auna ragowar maganin feshi ko na asibiti zai ji ana cewa "sai an yi SPE tukuna". SPE gajarta ce ta solid phase extraction, kuma abin da ake nufi shi ne tsamo sinadarin da ake nema daga cikin ruwa ta hanyar sa shi ya maƙale a jikin wani gari mai ƙarfi, a zubar da sauran tarkacen, sannan a sauke shi daga jikin garin da wani ruwan sinadari ɗan kaɗan. Ana yin haka ne kafin a kai samfuri injin kuromatogirafi, wato HPLC ko GC, injinan da suke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya su auna yawan kowanne. Aiki biyu SPE yake yi a lokaci guda: yana tsabtace samfuri, yana kuma tattara abin da ya watsu a ruwa mai yawa ya mai da shi cikin ɗan ƙaramin ruwa.

Kayan aikin ba wani abin kallo ba ne. Bututun roba ne mai kama da sirinji marar allura, ana kiransa katirij. A ƙasansa an danne garin tsakanin wasu faifai biyu masu ƙananan ƙofofi. Garin da aka fi sani shi ne C18: ƙwayoyin silika ne da aka ɗaura wa jikinsu dogayen sarƙoƙi masu kabon goma sha takwas, waɗanda halinsu irin na mai ne, ba sa shiri da ruwa. Mutane da yawa suna ɗaukar katirij a matsayin matata, kuma daga nan kuskure yake farawa. Matata girma take dubawa, shi kuwa C18 hali yake dubawa. Sinadarin da ya fi son mai da ruwa zai kama jikin sarƙoƙin ya tsaya, gishiri da duk abin da ke narkewa a ruwa cikin sauƙi kuma su wuce abinsu.

Bari mu ɗauki atirazin, maganin ciyawar da manoman masara da dawa suke fesawa, wanda ruwan sama kan wanke shi ya kai rafi ko rijiya. Tarayyar Turai ta sa iyakar maganin feshi guda ɗaya a ruwan sha a kan maikurogiram 0.1 a lita, Amurka kuma ta sa wa atirazin maikurogiram 3 a lita. HPLC mai auna hasken UV ba zai ga 0.1 ba idan aka zuba masa ruwan kai tsaye. To amma a ce an ɗebi mililita 500 na ruwan rijiya mai wannan adadin. A cikinsa akwai maikurogiram 0.05 na atirazin. Idan aka tattara shi duka cikin mililita 1, ƙarfinsa ya koma maikurogiram 50 a lita, ninki 500 ke nan, kuma wannan injin yana iya ganinsa a tsawon haske na wajen nanomita 220.

Katirij mai miligiram 500 na C18 a bututun mililita 6 ya isa wannan aikin. Matakin farko shi ne jiƙa shi, kuma shi ne matakin da aka fi rainawa. Ana zuba metanol kamar mililita 5 ya ratsa, sai a bi shi da tsabtataccen ruwa mililita 5. Dalili kuwa, busasshen C18 ba ya karɓar ruwa, kamar ƙwaryar da aka shafe da mai ce, ruwa yana zamewa ne kawai ta kai. Kusan duk filin da sinadari zai kama yana cikin ƙananan ramukan ƙwayoyin silikar ne, kuma ruwa shi kaɗai ba ya iya shiga waɗannan ramuka. Metanol yana shiga, ya jiƙa sarƙoƙin, ya buɗe hanya. Ruwan da ke biye da shi kuma yana kore rarar metanol ɗin, domin in ya yi yawa a ciki shi da kansa zai kwashi atirazin ɗin farko ya fice da shi.

A nan akwai sharaɗi guda da ba a yi masa sassauci: daga lokacin da metanol ya shiga har samfuri ya gama wucewa, kada iska ta ratsa garin. A rufe famfon katirij tun da sauran ruwa kaɗan a saman faifan. Idan ya bushe, ramukan sun koma yadda suke, kuma babu alamar da ido zai gani. Samfurin zai wuce lafiya lau, sai a ƙarshe a tarar rabin sinadarin ya tafi kwata. Maganinsa mai sauƙi ne, a sake jiƙawa daga farko, mililita goma ne kawai asarar. Akwai garin roba irin Oasis HLB na kamfanin Waters da bushewa ba ta cutar da shi haka, amma ya fi tsada, kuma C18 ne ya fi yawa a ɗakunan gwajin jami'o'i.

Sai lodi, wato ratsa samfurin ta cikin katirij. Kafin a fara, a tace ruwan da takardar tata ta zaren gilashi, musamman ruwan damina mai laka, in ba haka ba faifan sama zai toshe tun ba a yi nisa ba. Ana jan ruwan da injin zuƙar iska a hankali, mililita 5 zuwa 10 a minti, wato mililita 500 zai ci kusan awa ɗaya ko fiye. Na san zaman jiran nan yana da gundura, kuma hannu kan kai ga maɓallin ƙara zuƙa, amma sinadarin yana buƙatar lokaci ya shiga ramuka ya kama. Ɗigo ake so a gani yana sauka, in ya zama zirara an yi sauri.

Ko an bi a hankali, kowane katirij yana da iyakar ruwan da zai ɗauka kafin sinadari ya fara ɓullowa ta ƙasa. Ruwan samfurin kansa yana tura sinadarin gaba kaɗan-kaɗan, har ya kai ƙarshen garin ya fita. Atirazin yana kama C18 da kyau, don haka mililita 500 ba matsala ba ce gare shi. Amma idan ya daɗe a ƙasar gona yana rikiɗewa zuwa wasu sinadarai, DEA da DIA, waɗanda suka fi shi son ruwa. DIA musamman yana iya zarcewa tun kafin a gama lodi. Wanda ya gwada hanyarsa da atirazin kaɗai sannan ya rubuta cewa babu DIA a rijiya, ya faɗi abin da bai auna ba. Ana gane wannan ta haɗa katirij biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, a sauke kowanne daban. Duk abin da aka samu a na ƙasa, abin da ya kuɓuce wa na sama ne.

Wanki ba ya ɗaukar lokaci. Mililita 5 na ruwa mai metanol kashi 5 cikin ɗari ya isa ya kwashe gishiri da abubuwan da suka ɗan rataya ba su kama sosai ba. Ƙarfin ruwan wankin ne abin lura: in ya yi rauni datti zai bi sinadarin zuwa injin, in ya yi ƙarfi, kamar a ce rabi metanol rabi ruwa, atirazin ɗin ne zai fara fita. Bayan wanki sai a bar iska ta ratsa garin minti 10 zuwa 20 ya bushe. Bushewar da aka hana ɗazu yanzu ita ake so, domin sinadarin ya riga ya kama, kuma ragowar ruwa yana jinkirta ƙafewa daga baya, yana kuma ɓata aiki idan GC za a kai.

Mataki na ƙarshe shi ne saukewa. Ana zuba metanol zalla, ko etil asitet in GC ne, wanda ya fi sarƙoƙin ƙarfin jan atirazin. Gara a raba shi kashi biyu, mililita 3 sau biyu, a bar na farko ya zauna a cikin garin kamar minti ɗaya kafin a buɗe famfo, ya sauka ɗigo-ɗigo cikin kwalbar gwaji. Sai a ƙafar da shi da iskar naitirojin a zafin da bai wuce digiri 40 ba, a sake narkar da abin da ya rage cikin mililita 1 na ruwan da haɗinsa ya yi kusa da na wanda HPLC yake farawa da shi. Idan aka narkar cikin metanol zalla aka yi allura mai yawa, kololuwar da ke fitowa a allo, wadda ke nuna yawan sinadarin, takan baje ko ta rabu biyu.

Ta yaya mutum zai san duk wannan ya yi aiki? Da samfurin da shi ya zuba wa sinadari da hannunsa. A ɗauki mililita 500 na ruwan da babu atirazin, a zuba masa maikurogiram 0.5, a bi da shi duk matakan. Idan babu asara, mililita 1 na ƙarshe zai nuna maikurogiram 500 a lita. In injin ya nuna 430, an dawo da kashi 86 cikin ɗari, kuma wannan yana cikin kashi 70 zuwa 120 da aka saba karɓa a aikin ragowar maganin feshi.

In kuwa ya nuna 200, kashi 40 ke nan, bai kamata a shiga canje-canje da ka ba. Sinadarin bai ɓace ba, yana wani wuri, kuma wuraren ƙidayayyu ne. A sake gwajin, wannan karon da ɗan samfuri mai ƙarfi yadda injin zai gani, a tara kowane ruwa da ya fito a kwalbarsa: na lodi, na wanki, na saukewa, da wani ƙarin saukewa na uku. Idan an same shi a ruwan lodi, ko garin ya bushe, ko an yi sauri, ko garin bai dace da shi ba. Idan a ruwan wanki yake, metanol ya yi yawa. Idan ya fito a saukewa na uku, ruwan saukewar ne bai isa ba ko bai yi ƙarfi ba. Idan babu shi ko'ina, a dubi wurin ƙafewa, ko ya manne a jikin kwalba.

Akwai wani abu da yake kama da asara alhali ba ita ba ce, kuma masu aiki da LC-MS, wato HPLC da aka haɗa da injin auna nauyin ƙwayoyin sinadari, su ne suka fi gamuwa da shi. Ruwan rafi yana ɗauke da narkakken ruɓaɓɓen ganye, wanda ake ganinsa kamar zobe ruwan kasa a saman garin bayan lodi. Wani ɓangarensa yana sauka tare da atirazin, ya danne siginarsa a cikin injin. Don rarrabewa, a bi da ruwan rafi marar atirazin ta katirij, sai bayan an sauke a zuba masa sinadarin, a kwatanta da wanda aka zuba cikin tsabtataccen ruwa. Idan siginar ta yi ƙasa a nan ma, katirij bai zubar da komai ba, datti ne ya yi yawa, kuma gyaran yana wurin wanki: a ɗaga metanol ɗin daga kashi 5 zuwa 10, zuwa 20, ana auna ruwan wankin kowane karo, a tsaya a matakin da ke ƙasa da wanda atirazin ya fara bayyana a ciki.